Talata: yau na raba wa masu sayen madarata takardar ƙarin kuɗi

Tun kafin kiran assalatu na farka, don jiya ban yi wani barcin kirki ba. Da na dawo daga masallaci na shiga garke da bokiti da tocila. Ƙyalla na fara tatsa kamar kullum, don ita ce ba ta da haƙuri, in aka bar ta a baya sai ta yi ta tonon ƙasa. Tatsar safe ta ba ni lita 12, ta yamma 8. Lita 20 ke nan daga shanu huɗu: biyu 'yan aure, jinin Bunaji da na shanun Turai, kowace tana ba da wajen lita 8 a yini, sai Bunaji zalla guda biyu da ke ba ni bibbiyu bayan maruƙansu sun sha. A tsakiyar bazara irin wannan, da ba ko tsinken ɗanyar ciyawa a gefen Kano, sai godiyar Allah.

Abin da ya hana ni barci littafin lissafi ne. Wata uku ina ganin kuɗi na shigowa da safe, kafin la'asar sun ƙare, ina ta cewa gobe zan zauna in duba. Jiya da daddare na zauna.

Buhun dusar alkama mai kilo 50 kwana biyar yake yi mini. Da kaka ina sayensa naira 12,000, wannan makon 18,000 na biya. Buhun tunkuzar anguriya yana kai ni kwana goma, ya tashi daga 15,000 zuwa 25,000. Harawa kuwa dami huɗu suke ci a rana, damin da nake ɗauka 700 yanzu sai 1,200, kuma ɗaurin ya rame, hannu ɗaya ma ya ɗaga shi. Da na haɗa da ruwan 'yan garuwa, gishiri da kanwa, itacen dafa madara, robobi, man babur da ɗan abin da nake ba yaron da ke share garke, sai na ga abin da nake kashewa a rana ya tashi daga 9,700 zuwa 14,900. Ni kuwa har yau 800 nake sayar da lita. Lita 20 ta kama 16,000. Abin da ya rage mini 1,100, shi ne cefanen gida, shi ne kuɗin allura in saniya ta kwanta, shi ne kuma ladan tashin asuba. Hakan ma sai ranar da komai ya sayu, ba abin da ya tsinke.

Akwai abin da mai saye ba ya gani, ni ma sai da biro ya tuna mini. Ba masu ba da nono kaɗai ke ci ba. Ina da saniya guda da na daina tatsa saboda saura wata biyu ta haihu, dole a bar ta ta huta in ana son nono mai yawa a gaba. Ga maruƙa uku. Duk a cikin lita 20 ɗin nan abincinsu yake fitowa.

Ba wai ban gwada wata hanya ba. A watan jiya na janye anguriya gaba ɗaya, na ce bari in gani ko dusa da harawa za su riƙe su. Kwana uku na farko ba abin da ya canza, har na fara murna. Kafin mako ya cika nono ya sauko zuwa lita 14. Abin da ya fi tayar mini da hankali 'yan auren nan ne: ita Bunaji in abinci ya ragu sai ta rage nono ta tsare jikinta, amma 'yar aure sai ta ci gaba da zuba nono daga naman jikinta. Na shafa bayan Ƙyalla na ji ƙashin ƙugu ya fito, haƙarƙari ana ƙirgawa, gashinta ya daina sheƙi. Na mayar musu da anguriya, sai da aka yi sati biyu kafin nonon ya dawo daidai. Naira 2,500 nake tsimi a rana, ina asarar lita shida ta 4,800. Baba, Allah ya jiƙansa, yakan ce ta baki ake tatsar saniya. A lokacin ne na gane maganarsa sosai.

Na kuma gwada dusa mai araha sau ɗaya. Da na kawo ta gida na damƙi hannu guda na zuba a kwanon ruwa na motsa. Ɓuntun shinkafa ya taso sama, yashi ya kwanta a ƙasa har yana ƙara in an karkata kwanon. Shanun suka sunsuna suka ɗan taɓa suka bar ta. Tun ranar ba na biyan kuɗin buhu sai na tura hannu can cikinsa na shinshina, don in ta yi ɗumi ko tana warin funfuna, ta sha ruwa a ajiya, kuma irin wannan tana sa saniya zawo.

Saura hanya biyu da mutane suka sani, ƙara ruwa ko rage awo. Wani abokin sana'a ya faɗa mini a fili, ya ce lita biyu na ruwa a cikin ashirin ba mai ganewa. Ana ganewa. Ɗiga madara a kan farce, tsantsa za ta tsaya a dunƙule, mai ruwa sai ta gangare. In aka kwantar da ita kindirmo ba ya kamawa da kyau, da safe sai ka ga ruwa ya kwanta a sama, ludayi ya nutse ba tare da ya yanka komai ba. Ko da ba za a gane ba ma, akwai gidan da jaririn da aka yaye ke shan madarar nan, akwai dattijon da ba ya iya cin tuwo sai fura. Ba zan iya ba.

Don haka bayan tatsar safe, maiɗakina tana dafa madara tana ɗurawa a robobi, ni kuma na zauna a kan turmi na rubuta takarda. Sau uku ina yagewa. Ta farko ta cika kuka, kamar mai bara. Ta biyu na cika ta da lambobi har ni kaina na gaji da karantawa. Da na karanta mata ta uku sai ta ce, "Malam, ka cire wurin da ka ce a yi maka afuwa. Ba laifi ka yi ba. Ka dai faɗa musu ranar da za a fara, kada wani ya aiko yaro da kuɗin da bai kai ba, a ji kunya." Na gyara. Ga yadda ta tsaya:

"Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali. Ina sanar da ku cewa daga ranar Litinin mai zuwa litar madara za ta koma naira 1,000 maimakon 800, robar kindirmo ta 400 kuma za ta koma 500. Dalili shi ne tsadar abincin shanu. Buhun dusar da nake saye 12,000 da kaka yanzu 18,000 ne, anguriya da harawa ma sun tashi fiye da haka. Na gwada rage musu abinci, nono ya ragu, shanun suka rame. Ba na son in ƙara ruwa ko in rage muku awo, shi ya sa na zaɓi in faɗa muku gaskiya. Awo yana nan yadda kuka san shi. Wanda ya riga ya biya kuɗin wata, za a ci gaba da kawo masa a tsohon farashi har kuɗinsa su ƙare. Wanda lita ta yi masa yawa, akwai rabin lita a 500. Idan damina ta sauka ciyawa ta fito, zan sake lissafi in sanar da ku abin da ya kama, in sha Allahu. Na gode da amanar da ke tsakaninmu. Allah ya yi mana sauƙi."

A wurin maganar damina na daɗe riƙe da biro. Da farko na rubuta "zan rage", sai na soke. Ciyawa za ta sauke mini nauyin harawa, wannan tabbas ne, amma 'yan aure ko da damina sai da dusa, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin ɗauko buhu daga kasuwa bai taɓa komawa baya ba. Alkawarin da na tabbata zan iya cikawa shi ne sake lissafi, shi na rubuta.

Na tsaya a shagon bakin titi aka buga mini kwafi 25, na naɗe kowace na ɗaure a wuyan roba da kyauro.

Gidan Hajiya na fara zuwa, shekara shida ke nan tana karɓar lita biyu kullum. Ba ta karanta boko, jikarta ce ta karanta mata a soro ina tsaye. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ɗan nan, ai da ka faɗa mini da baki ma ya isa. Ni dai kada ka taɓa mini kaurin kindirmona." Na ce, "In Allah ya yarda, Hajiya, ba abin da zai canza." Ta ce a mayar mata da lita ɗaya da rabi.

Mai shayin bakin tasha bai ji daɗi ba. Lita huɗu yake ɗauka, ƙarin ya zame masa 800 a rana. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce, "Maigida, ni ma fa in na ƙara ko naira hamsin a kofi, gudu za a yi a bar ni. Madarar gari ta fi mini sauƙi." Ban ja da shi ba, don na san gaskiyarsa. Ya ce in ba shi zuwa Juma'a ya yi shawara. A kan babur na yi ta juya abin: idan ya tafi, lita 16 a sabon farashi 16,000 ce, daidai da abin da nake samu yau da ashirin ɗin duka, huɗun kuma maiɗakina ta mayar da su kindirmo, tunda shi yana kwana bai lalace ba. Hankalina ya ɗan kwanta, amma ba na so ya tafi. Shi ya fara saya a wurina lokacin ina da saniya ɗaya tal.

Wani malamin firamare ya karanta a tsaye a ƙofar gidansa, ya yi shiru, ya ce a mayar da shi rabin lita har a yi albashi. Gida biyu ban sami kowa ba, na bar wa yara. Ragowar suka karɓa da "Allah ya kyauta", wata baiwar Allah ma cewa ta yi ta daɗe tana mamakin yadda ban ƙara ba.

Zafin rana ya sa ban tsaya hira a ko'ina ba, don a irin wannan yanayi madara ko an dafa ta ba ta son daɗewa a kan babur. Kafin azahar na dawo gida.

Da yamma na auna dusa kilo biyar da anguriya, na jiƙa da ruwan kanwa kaɗan na zuba musu. Mai cikin nan hantsarta ta fara cika, ina ganin ba za ta kai wata biyun da na ƙirga ba. Buhun dusar da ke ɗaki saura na kwana biyu. Jibi da sassafe zan shiga kasuwa, na ware 18,000 na sa a cikin littafin, na ƙara dubu ɗaya a kai ko da na tarar ta sake motsawa.