Ƙwayar boris a cikin man zurma: bangon bututu ne ya ƙara wa man kauri

Mai ɗaya, bututu ɗaya, yamma ɗaya, amma amsoshi uku na samu. Ƙwayar ƙarfe mai faɗin milimita 2 ta ce kaurin man zurman nan 0.54 ne a ma'aunin faskal-daƙiƙa. Ƙwayar boris ɗin keke mai milimita 3.18 ta ce 0.59. Babbar, mai milimita 4.76, ta ce 0.73. Kaurin mai kuwa ba ruwansa da abin da aka jefa a ciki. Littafi ma cewa ya yi wajen 0.45 ya kamata in gani a zafin digiri 30, wanda shi ne ma'aunin zafi ya nuna a ranar.

Gwajin nake shiryawa don ɗalibaina na ajin ƙarshe, kuma a takarda ba shi da wata wahala. Ƙwaya na nutsewa, nauyinta na jan ta ƙasa, man na tallafo ta sama, yana kuma riƙe ta da ƙarfin da George Stokes ya lissafa a 1851, wato 6πηrv, inda η ke nufin kaurin man, r rabin faɗin ƙwaya, v kuma gudunta. Da zarar ukun nan sun yi kunnen doki, gudun ƙwayar ya daina ƙaruwa, sai a fitar da kaurin, inda g ke nufin hanzarin da jan ƙasa ke bayarwa:

```
η = 2r²(ρs − ρf)g / 9v
```

Ƙarfen, wato ρs, kilo 7800 ne a mita kubik guda, man kuma, wato ρf, 960, bambancinsu 6840. Zare biyu na ɗaura a jikin bututun gilashi, tsakaninsu santimita 30. Ƙaramar ƙwayar ta ci wannan tazara a daƙiƙa 10.8, wato mita 0.0278 a daƙiƙa. Rabin faɗinta milimita 1 ne, saboda haka 2r²(ρs − ρf)g/9 ya ba da 0.0149, in ka raba da gudun ka sami 0.54. Ta tsakiyar daƙiƙa 4.7 ta yi, babbar 2.6.

Abin da kowane littafi ke nanatawa shi na fara tuhuma: ko ƙwayar ba ta kai gudunta na ƙarshe ba kafin zaren sama? Na ƙara zare a tsakiya. Rabin farko 5.4, rabi na biyu 5.4. A mai mai kauri irin wannan, ƙaramar ƙwaya kan gama hanzarinta cikin 'yan milimitoci, kafin ƙiftawar ido. Gargaɗin da ake ta cika ɗalibai da shi ke nan, alhali shi ne mafi sauƙin kaucewa a duk gwajin.

Daga nan zargi ya koma kan man. Na ce an gauraya shi, na koma kyamis da kwalba a hannu ina ta faɗa. Mai shagon, dattijo ne, ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, in algus za a yi, ai da mai araha ake yi, kuma tsinkewa yake sa shi, ba kauri ba." Ban ji ba. Na tsallaka wani shagon na sayi sabo da kuɗin aljihuna, kuma man zurma a ƙananan kwalabe ake sayar da shi, duk wanda ya taɓa cika bututu da shi ya san abin da ake kashewa. Na wanke bututun, na shanya, na zuba, na bar shi ya kwana don kumfa ta fita. Washegari 10.8 ta sake fitowa, ko gezau.

Har yanzu in na tuna kuɗin nan raina yakan ɓaci, don amsar tana nan cikin lambobin farko. Man da aka gauraya zai ba da amsa guda, ko da ba daidai ba ce. Nawa kuwa hawa suke yi tare da girman ƙwaya. Abin da ke canzawa in ƙwaya ta girma shi ne filin da ya rage tsakaninta da gilashi.

Faɗin cikin bututuna santimita 2.5 ne kacal. Lissafin Stokes ya ɗauka cewa man ba shi da iyaka ta kowane gefe. A bututu kuwa, man da ƙwayar ta ture daga ƙasa dole ya matso sama ta gefenta, ga kuma wanda ya manne a jikin gilashi ba ya motsi. Kamar mai kura ne a ƙunƙuntaccen lungu, sai mutane sun raɓa ta gefensa kafin ya wuce. Ƙwayar sai ta rage gudu, lissafi kuma ya ɗora laifin a kan man. Abin da ya ba ni mamaki shi ne nisan da abin ke kaiwa. Ƙwaya mai milimita 2 a bututu mai milimita 25, in ka duba da ido sai ka rantse fili ya ishe ta. Amma jan da take yi wa man da ke kewaye da ita a hankali yake raguwa da nisa, shi ya sa bango ke taɓa ta ko daga nesa.

Gyaran da aka fi amfani da shi na Ladenburg ne, inda R ke nufin rabin faɗin bututu, v₀ kuma gudun da ƙwayar za ta yi da babu bango:

```
v₀ = v(1 + 2.4 r/R)
```

Ga ƙaramar, r/R ya zama 0.08, abin da ke cikin baka ya zama 1.19. Raba 0.54 da shi, ga 0.45. Ga ta tsakiyar 1.31 ne, 0.59 ta sauko 0.45 ita ma. Sai da na sake bugawa a kalkuleta don ban yarda ba. Bangon gilashi kaɗai ya ƙara kusan kashi 19 cikin ɗari a ƙwayar da nake ganin ta fi ƙanƙanta.

Babbar ce ta ƙi shiga layi, 0.50 ta tsaya bayan gyara. Ita matsalarta biyu. Gyaran Ladenburg na ƙwayar da ta yi wa bututu ƙanƙanta ne sosai, ita kuwa ta cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗinsa. Sannan lambar Reynolds ɗinta, wadda ke nuna ko gudun ƙwaya ya yi wa kaurin man yawa, wato ρf·v·d/η inda d ke nufin faɗin ƙwaya, ta haura 1, dokar Stokes kuma tana so lambar ta kasance ƙasa da 1 sosai. Ta ƙaramar wajen 0.1 take. Ga daƙiƙa 2.6 da yatsan mutum ke aunawa, jinkirin danna agogo kaɗai zai iya cin kusan kashi 8 cikin ɗari. Na cire ta daga gwajin, ba na kuma ba ɗalibi boris ɗin da ya wuce milimita 3 da ɗoriya.

Yanzu kafin a zuba ko ɗigon mai, cikin bututu muke fara aunawa. Kuma ba na yarda a yi da ƙwaya mai girma ɗaya, don da ita kaɗai 0.54 za ka rubuta ka tafi gida da murna, babu abin da zai nuna maka an cuce ka. In girman biyu ne ko uku, zana kaurin da ka samu a kan faɗin ƙwaya, ka ja layin baya har inda faɗin ya zama sifili. Ɗigo biyun nawa sun kai ni wajen 0.45 ba tare da wani gyara ba.

Babban silinda mai cin lita guda, wanda faɗinsa ya kai santimita 6, yana rage matsalar, amma ko a nan ƙwaya mai milimita 2 tana buƙatar gyaran kashi 8 cikin ɗari, ga kuɗin lita guda ta man zurma. Na zauna da siririn bututuna. Ƙwayar dai a sake ta daidai tsakiya ta cikin ɗan mazurari, don in ta kauce kusa da gilashi gyaran ma bai yi aiki ba. A ciro ta da mayen ƙarfe ta bayan gilashin, a hankali, kada a dama man. Ma'aunin zafi kuma ya zauna cikin man, a karanta shi farko da ƙarshe: man zurma daga wajen 1.0 a digiri 20 yake saukowa 0.45 a digiri 30, don haka ajin safe da ajin azahar ba za su sami amsa ɗaya ba a watan Afrilu.