Ƙurajen Kai: Inda Gashin Ruwan Ɗumi Yake Tsayawa

A ɗakin duba marasa lafiya inda nake aiki, ƙurajen kai ba su cika zuwa mana da wuri ba. Sai an gama gasa su a gida, an shafa man kemis, zogi ya hana mutum ɗora kansa a matashi, sannan a zo. Yawancinsu abin da likitoci ke kira folikulaitis ne: ƙwayar cuta ta shiga ramin da gashi ke tsirowa ta kumbura shi. Galibi ƙwayar Sitafilokokus ce, wadda dama tana zaune a fatar mutum, sai aski mai ƙwalƙwal, ko kitso mai tsauri, ko gumi a ƙarƙashin hula ya buɗe mata ƙofa.

Ba na raina gasa ƙurji da ruwan ɗumi, ni ma shi nake fara bayarwa. Tsumma mai tsabta, ruwan da bayan hannu zai iya jurewa, minti 10 zuwa 15, sau 3 ko 4 a yini, a kuma dakata da aski da man shafawa mai maiƙo. Ƙananan ƙuraje masu farin kai, kowanne da silin gashi a tsakiyarsa, sukan baje cikin kwana 7 zuwa 10. Amma aiki ya koya mini in ba gasawar wa'adi. Idan kwana 3 suka wuce zogi na ƙaruwa maimakon raguwa, ciwon ya wuce inda ɗumi ke kaiwa.

Wani magidanci ya zo mini da ƙurji ɗaya a bayan kunne, mako guda bayan aski. Ya kai girman ƙwan zabo, fatar wurin ta yi sheƙi. Da na ɗora yatsu biyu na danna gefe ɗaya, sai na ji abu yana motsi ƙarƙashin ɗaya yatsan. Maruru ne, mugunya ta taru a aljihunta. Na laluba wuyansa na tarar da kaluluwa, jikinsa kuma da zazzaɓi.

Ya ce, "Malam, ai kullum ina gasawa, har da tafasasshen ruwa."

Na ce, "Alhaji, tafasasshen ruwa ƙuna kawai zai ƙara maka. Wannan sai an fasa."

Muka wanke wurin, aka yi allurar kashe zafi, aka tsaga kaɗan mugunya ta fita, aka rufe da bandeji. Saboda zazzaɓin da kaluluwar, likita ya rubuta masa kilokzasilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, na kwana 7. Da ya ce wannan ne karo na uku a shekarar, muka auna sugansa, ya fito sama sosai. Tun daga nan, duk wanda maruru ke yi wa dawo-dawo ba na sallamarsa sai an duba suga. Matsewa da farce kuwa, ita nake hanawa da babbar murya, domin tana tura mugunyar ciki ne.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na yara. Uwa za ta kawo yaro da kumburi mai laushi a tsakar kai, yana tsattsafo da mugunya ta ramuka da yawa, gashin wurin yana tsigewa da an ɗan ja shi. Ido zai ce maruru ne. Sau da yawa makero ne ya yi tsanani, kuma in ka tambaya za ka ji akwai wani yaro a gidan mai farin tabo a kai. Wannan ba a tsaga shi, gasawa ba ta taɓa shi, man shafawa ma ba ya isa cikin silin gashin. Maganin sha yake so, irin su girisiyofulbin, na mako 6 zuwa 8. Jinkiri na iya barin yaro da sanƙon da gashi ba zai sake fitowa ba.

Sai ƙurajen ƙeya da samarinmu ke fama da su. Taɓa su za ka ji tauri kamar tsakuwa, babu ruwan da za a fitar. Tabo ne yake ginuwa, kuma kowane askin reza yana ƙara masa. A daina kankare ƙeya, a bar gashi ya ɗan yi tsawo, a je wurin likitan fata tun suna ƙanana, lokacin da man shafawa da maganin sha na doksisaikilin za su iya tsayar da su. In suka haɗe suka zama dunƙule ɗaya, sai allura a cikin tabon, wani lokaci ma tiyata.