Gyaran taken saƙon imel: inda muka kai

'Yan uwa masu koyo, wannan karon aikin yana kan layin nan guda da ake rubutawa a gurbin Subject. Misalin da muka ɗauka na sakataren wata ƙungiyar 'yan albasa ne a Sakkwato. Mota za ta ɗauki kaya zuwa Legas ranar Juma'a, kuma sai shugaba ya sa hannu a takardar kuɗin mota kafin Alhamis. Taken da aka fara sawa shi ne "Batun kaya". Wane kaya? Me ake so a yi, kuma yaushe? Shugaba zai gani ya ce sai ya samu sarari, alhali albasa ba ta jira.

Gyaran farko da yawancinmu ke yi shi ne ƙara gaisuwa: "Assalamu alaikum Alhaji, game da maganar mota". Ladabi ne, amma ba nan ne wurinsa ba. Waya takan nuna haruffa 30 zuwa 40 ne kawai na take, ta yanke sauran, don haka sallama da "game da" sun cinye wurin kafin a zo ga magana. A kai gaisuwar cikin saƙo, a yi ta cikakkiya a can.

Wasu kuma sukan rubuta "GAGGAWA!!!". Wannan bai faɗi ranar da lokaci zai ƙure ba, kuma wanda ya saba ganinta a kowane saƙo yakan daina ɗaukarta da muhimmanci. Rana ce ke nuna gaggawa. Ita ma kalmar "gobe" a guje ta, domin in an buɗe saƙon washegari ta riga ta koma wata rana. In wa'adin ya wuce mako guda, a haɗa da kwanan wata.

Ga inda muka tsaya: "A sa hannu kafin Alhamis: kuɗin motar albasa". Haruffa 44 ne har da tazarar tsakanin kalmomi. Aikin da ake nema da wa'adinsa sun shige cikin 25 na farko, saboda haka ko waya ta yanke a "kuɗin mot", shugaba ya riga ya san abin da ke gabansa. Mun zaɓi "a sa" maimakon "ka sa" domin babba ake rubuta wa, kada ta zama umarni.

Kafin aikawa, tura wa kanka ka duba a waya, ka ga inda aka yanke. Sannan a kula da tsohon saƙo: in ka danna Reply, taken da ya gabata zai biyo da Re: a gabansa, sabuwar buƙata ta ɓuya ƙarƙashin maganar da aka gama. In magana ta sauya, buɗe sabon saƙo da nasa take.