Yatsana a bidiyon sunan ɗan yayata, da wahalar da na sha kafin na cire shi

Ƙannena masu ɗaukan bidiyo da waya, ku zo ku ji abin da ya same ni a Aboabo, ranar sunan ɗan yayata. Ni aka ba aikin ɗauka, tun asuba ina ta kai da kawo ƙarƙashin kanofi, liman ya faɗi suna aka shafa fatiha, ni kuwa ina ta jin kaina wai na kama komai. Sai da dare na zauna kallo, na ga wani abu ja-ja mai dishi-dishi zaune a kusurwar sama ta hagu, daidai wurin addu'ar nan da ba za a sake ba. Yatsana ne. Na kwantar da wayar na riƙe da hannu biyu, ga rana ta haske sikirin ban ga komai ba, kuma na sa ta a 0.5x don kowa ya shiga, to wannan idon kamarar faɗi gare shi, ko gefen yatsa ya matso sai ya kama.

Abu na farko da ya kamata ku sani, abin da yatsan ya rufe kamara ba ta gan shi ba, babu shi a cikin fayil ɗin. Don haka ba goge yatsa ake yi ba kamar datti a gilashi. Ko dai ka yanke wurin, ko ka aro hoton wurin daga wani lokaci na bidiyon ka liƙa. Ni ban san haka ba, na ɓata dare guda ina neman maɓallin gogewa.

Da na gaji sai na buɗe CapCut na yi zumin, na ja da yatsu biyu har jan abin ya fita. Ya fita kam, amma sai da Scale ya kai wajen 127%, hular liman ta tafi, kawu da ke zaune can gefen dama an raba shi biyu, hoton kuma ya yi laushi kamar an shafa masa man kaɗe. Yaya ta kalla ta ce, “Kai ƙanena, ina kan malam?” Kuskuren shi ne na bar zumin ɗin a tsakiya. In ka yi zumin a tsakiya, duk abin da ka yanke a hagu sai ka yanke irinsa a dama, sama da ƙasa ma haka, alhali kusurwa ɗaya ce tak ke da matsala, sauran ukun ba su yi maka laifin komai ba.

Ga lissafin yadda na gyara daga baya. Bidiyon 1080p ne, wato faɗi fiksel 1920, tsayi 1080. Yatsan ya ci kamar 300 ta bakin sama, kamar 200 ta bakin hagu, amma a karkace yake kamar an yanke kunnen takarda, ba murabba'i ba ne. Saboda wannan karkacewar ba sai na yanke 300 ɗin duka ba. Na sa Scale a 112%, sannan na ja hoton gaba ɗaya zuwa sama da hagu, ina ja har gefen dama da gefen ƙasa suka zo daidai bakin allo, in na ƙara kaɗan baƙi zai leƙo. Yanzu duk asarar ta koma gefen yatsan, kusan fiksel 206 a hagu da 116 a sama, dama da ƙasa ko ɗigo ban rasa ba. Kawu ya dawo da kafaɗarsa. Hular liman dai ba ta dawo ba, don yankan sama bai ragu ba. 112 da 127 a baki kamar ba nisa, amma a ido wallahi akwai, musamman in za a kalla a talabijin ɗin falo.

Nan ma sai da na sake faɗawa rami. Na auna yatsan a farkon bidiyon, na fitar, na tura wa 'yan gida, ashe can wajen daƙiƙa ta 40 da hannuna ya gaji yatsan ya ƙara zamowa ciki. Ka bi bidiyon a hankali daga farko har ƙarshe, ka nemo inda ya fi shigowa, da wannan wurin za ka auna. In na ɗan lokaci ne kawai ya zurmo, ka raba kilif ɗin, ka ƙara zumin a wannan yankin kaɗai, ko ka sa Keyframe ya shiga a hankali kamar da gangan ka matso kusa da fuskar mai magana.

Kuma ku lura da bakin yatsan. Da yake ya manne da idon kamara, bakinsa ba kaifi, wani hazo ne ja-ja da ke bazuwa fiye da inda kake zato. Dabarata, ina ƙara Contrast da Saturation sosai na ɗan lokaci, sai hazon ya fito ɓaro-ɓaro, in yanke har bayansa, sannan in mai da kalar yadda take. In ba haka ba za ka ga kusurwar kamar an ɗiga mata manja.

Da a ce 4K na ɗauka, 3840 da 2160, da duk wannan kukan laushi bai taso ba, don in a 1080p za ka fitar kana da sarari har ninki biyu kafin hoto ya fara lalacewa. Sannan don Allah ka yi aiki da asalin fayil, ba wanda aka turo ta WhatsApp ba, wancan an riga an matse shi, kana zumin sai ya farfashe. A turo maka shi a matsayin Document, ko ka je da kebul. In kuma sitatus kawai za ka sa, mai da shi tsaye 9:16, tsakiyar kaɗai za ta rage, kusurwar ta tafi a kyauta.

Liƙi kuwa, wato aro daga wani lokacin, a wurin wa'azi na koye shi a Asawase. Kamarar aro ce, na kafa ta kan ƙafarta mai uku, na bar igiyar wuya tana reto, iskar hunturu tana kaɗo ta gaban ido ta ƙasan dama, ta shigo ta fita. Tunda kamarar ba ta motsa ba, sai na nemi inda igiyar ta kauce, na danna Freeze a wurin, na ɗora wannan hoton a kan bidiyon da Overlay, na ja tsawonsa ya kai ƙarshe, na sa Mask ya bar kusurwar kaɗai, na ƙara Feather don bakin ya narke. Tabarma ce da bango a wurin, ba wanda ya gane.

Daɗin wannan ya sa na koma na gwada shi a bidiyon suna, abin ya zama abin dariya: duniya na rawa saboda hannu ne ya riƙe wayar, kusurwa ɗaya kuma ta tsaya cik kamar an buga mata ƙusa. Banda haka ma yatsan bai taɓa barin wurin ba, to daga ina zan aro? Liƙi na son kamara a kafe, da lokacin da wurin ya fito tsaf, da haske wanda bai canza ba. Ko a na wa'azin, da magariba ta kawo jiki wuri ya yi duhu, facin ya rage da hasken la'asar, sai da na raba bidiyon uku kowanne na ɗauko masa nasa hoton. Akwai kuma inda wani yaro ya gifta ta kusurwar, ƙafarsa ta ɓace ƙarƙashin facin na daƙiƙa biyu, a nan na cire facin na bar igiyar ta fito abinta, don igiya mai reto ta fi yaro mara ƙafa sauƙin kallo.