Talata: ranar da na ce wa Oga a'a

Yau da misalin ƙarfe goma sha ɗaya manajanmu ya leƙo ofis, ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Malama Akanta, ƙidayar kayan sitonmu na Sabon Gari ke za ki yi, kafin Juma'a. Masu binciken kuɗi za su zo ranar goma sha biyu." Da a da ne, "to, ranka ya daɗe" zan ce, in koma gida Samaru ina cizon yatsa. Bara haka na yi, na haɗa albashi cikin dare, sai da mutum huɗu suka zo da ƙorafin an yanke musu kuɗi ba daidai ba.

Na ce ya ba ni zuwa bayan Azahar. Ban ce masa aiki ya yi mini yawa ba, don duk wanda ke ofishin nan haka yake cewa, kunnen Oga ya saba. Takarda ɗaya na ɗauka na rubuta abin da ke hannuna da awannin da kowanne zai ci. Albashin ma'aikata 64 awa takwas, kuma ranar Alhamis zai tafi banki. Daidaita asusun banki awa shida. Jadawalin fansho awa uku, wanda doka ta ce a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Harajin albashi awa biyu, shi kuma kada ya wuce goma ga wata. Jimilla awa 19. Daga Laraba zuwa Juma'a, in an cire salla da fita masallaci, awa 20 nake da su. Ƙidayar sito kuwa ba ta taɓa cin ƙasa da awa 12 ba, ban da cunkoson Kwangila.

Na ajiye masa takardar na ce, "Ranka ya daɗe, kafin Juma'a ba zai yiwu ba, sai dai ka nuna mini wanda zan ajiye a cikin waɗannan." Ya daɗe yana kallonta. Ba wanda zai taɓa albashi, shi ma ya sani.

Kafin shirun ya yi tsawo na kawo masa mafita biyu: ko in yi ƙidayar Litinin da Talata, tunda da sauran lokaci kafin masu binciken su iso, ko mai kula da sito ya ƙirga gobe da fom ɗin da zan ba shi, ni in duba alƙaluman ranar Litinin. Ya ƙi ta biyun, wai mai riƙe da kaya ba ya ƙirga kansa. Gaskiyarsa ce, ban yi wannan tunanin ba.

Mun tsaya a kan Litinin. Na tura masa saƙo a waya da ranar da muka yanke, saboda Oga akwai mantuwa. Ya amsa da "to" kawai, kuma da zai tashi bai yi mini sai da safe ba.