Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Zakaran da Na Fara Zubawa

A kashin da ya gabata na tsaya a inda fataken da na biyo daga gida suka bar ni a Titin Igun, unguwar maƙeran tagulla ta Birnin Binin, ina aikin zuga da kwaɓa laka. Sana'ar nan gadon gida ce, tun zamanin da maƙeran ke yi wa Oba, sarkin Binin, aiki shi kaɗai, kuma baƙo irina ba ya shiga ƙungiyarsu. Ni ɗan aike ne kawai. Sai da na shekara biyu kafin maigidana, wanda duk muke kira Baba, ya miƙo mini curin kakin zuma ya ce in gwada zakara.

Mahaifina masassaƙi ne, turmi da akushi yake yi. A hannunsa na san cewa abin da gizago ya cire ya tafi har abada, don haka da tsoro ake sara. Kaki kuwa ƙari ake yi masa: in ka ɓata, ka ɗumama ka sake. Wannan sauƙin ne ya ruɗe ni, na manta cewa ba a kakin aikin yake ƙarewa ba.

Zakaran tagulla ba cike yake ba, fanko ne. Da farko sai a gina cikinsa da jar laka, siffar zakara amma ɗan ƙarami, a bar shi ya bushe sarai. A kansa ake shimfiɗa kaki, kuma kaurin kakin nan shi ne zai zama kaurin tagullar, babu ragi babu ƙari. Nawa na murza shi da kwalba a kan jiƙaƙƙen katako har ya dawo kamar milimita 3. Baba ya taɓa gaya mini cewa da siranta ake gane gwani, domin tsofaffin kawunan tagulla na Binin, irin waɗanda sojojin Ingila suka kwashe a 1897, mafi daɗewa a cikinsu su ne mafi siranta. Kwana huɗu na yi ina zana gashin zakaran ɗaya bayan ɗaya da tsinke, ina ɗumama bakin wuƙa ina liƙa tukku da baki. Daga nan na haɗa sandunan kaki daga ƙafafu da wutsiya zuwa wata mazurara, su ne hanyoyin da narkakken ƙarfe zai bi, da wasu sirara da iska za ta fita.

Saura ƙusoshi. Ana soka siraran ƙusoshin ƙarfe su ratsa kakin su shige lakar ciki, a bar kawunansu a waje don lakar waje ta riƙe su. Dalili kuwa, da zarar kakin ya narke ya fita, babu abin da ke tallafe lakar cikin nan sai su. Baba ya ce in sa shida. Ni kuwa da na ga kowace ƙusa tana ɓata mini zanen gashi, sai na sa biyu kacal, duka a wajen wuya, ban faɗa wa kowa ba.

Rufin farko da laka mai laushi ake yi, wadda aka tace ta zama kamar kunu, a shafa da gashin kaza ta shiga kowane layi, domin ita ce ke ɗaukar zanen. In ta bushe a ƙara wata, sannan a bi da mai kauri, a ɗaure da waya, a sake rufewa. A inuwa ake shanyawa, don rana tana tsattsaga shi. Mako guda ya ɗauka.

Lissafin ƙarfen Baba ne ya koya mini, kuma har yau da shi nake aiki. Ka auna curin kakinka kafin ka fara, ka auna abin da ya rage. Nawa ya ci giram 300. Tagulla ta ninka kaki nauyi kusan sau tara, amma sau goma ake lissafawa saboda mazurarar da dattin da za a kwashe, ke nan kilo 3. Na tattaro tsofaffin kawunan famfo da kwaɗuna. Yawancin abin da ake kira tagullar Binin jan ƙarfe ne gauraye da tutiya, ba kamar tsofaffin kayan da aka tono a Igbo-Ukwu ta ƙasar Ibo ba, waɗanda jan ƙarfe ne da kuza da darma. A da mundayen da Turawan Fotugal ke kawowa ake narkawa, yau kuwa kayan bola.

Ranar zubi wuta biyu ake hurawa. A ɗaya aka kifa ginin, kakin ya narke ya tsiyaye, aka ci gaba da gashi har hayaƙi ya daina fita daga bakinsa, lakar ta yi ja. Kaki ba ya buƙatar zafin da ya kai na tafasar ruwa ma kafin ya narke, amma tagulla sai wuta ta haura digiri 900. Ina kan zuga har farin hayaƙin tutiya ya fara tashi daga tukunyar. Aka binne ginin a rami yana da zafinsa, ƙafafun zakaran suna sama, Baba ya kama tukunyar da awartaki ya tuttula a numfashi ɗaya har mazurarar ta cika. Ba a tsayawa a tsakiya, in an tsaya ƙarfen farko ya daskare, na biyu ba zai haɗe da shi ba.

Da ya huce na ɗauki guduma. Kan ya fito lafiya, tukku da idanu da kowane layin gashi. Da na juya shi sai na ga rami a cikinsa, faɗin kwabo biyu, ƙonanniyar laka tana leƙowa.

Baba ya karɓa, ya daɗe yana jujjuya shi. Ya ce, "Yarona, ƙusa nawa ka sa?"

Na ce, "Biyu, Baba."

Bai ɗaga murya ba. Ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake karanta aibi. In laka ba ta gasu ba, ƙarfen yakan yi tartsatsi lokacin zubi, jikin ya fito da ƙananan huji kamar soso. In ƙarfen ne bai yi zafi ba, siraran wurare irin tukku da baki su ke fitowa guntaye, bakinsu a dunƙule. Nawa ba ko ɗaya. Ya ƙwanƙwasa bayan zakaran, ya yi sauti mai nauyi, ya ƙwanƙwasa gefen ramin, ya yi ƙara kamar gwangwani. Laka ta fi narkakkiyar tagulla rashin nauyi nesa ba kusa ba, don haka da ƙarfen ya shiga, lakar cikin ta taso sama kamar ƙwarya a kan ruwa. Tunda a kife yake, sai ta manne da cikin zakaran ta toshe hanya, bayan kuma ya yi kauri biyu. Ƙusoshin wuya biyu ba su iya danne ta ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne babu abin komawa. Kakin ya ƙone, ginin na fasa shi da hannuna, zanen kwana huɗu ba shi da kwafi. Na roƙi a yi masa faci, domin ana iya liƙa kaki a ramin a sake zuba wa wurin kaɗai. Baba ya ce facin zai nuna, kuma ba zai fita daga rumfarsa ba. Ya sa na datse kan da zarto na ajiye, sauran ya koma tukunya.

A daren nan na kwaɓa sabuwar laka. Washegari kuma wasiƙar mahaifina ta iso daga gida, ya ji labarin irin siffofin da nake taya yi, yana neman in dawo mu yi magana. Yadda muka kwashe da shi zan kawo a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.