Ranar da na ce "ya karye"

Wani abokin aikinmu ya faɗo daga kan tsani, ya dafa ƙasa da tafin hannu. Da yake ni ne na yi horon taimakon gaggawa, ni na kira motar asibiti. Ana ɗauka na yi azarɓaɓi na ce, "Ya karye a hannu." Matar da ke kan layi ta ce, "Malam, bar batun karaya tukuna. Me idonka ya gani?"

Sai na yi turus. Gaskiya ban ga karaya ba, kumburi na gani. Karaya da targaɗe da gocewar ƙashi duk suna kumbura, duk suna zafi, kuma sau da yawa sai an ɗauki hoton ƙashi ake rarrabe su. Ko motsa yatsu ma ba shaida ba ce, mai karaya yakan iya motsa su.

Na durƙusa na sake dubawa, na fara bayani daga tushe. Ya faɗo daga tsayin kamar mita 2, da ƙarfe 10:20. Bai bugi kansa ba, bai suma ba, yana magana daidai. Tsintsiyar hannunsa ta dama ta kumbura, ta ɗan karkace idan aka gwada ta da ɗayar. A nan ma sai da na yi tuntuɓe: da fari hagu na ce, saboda ina fuskantarsa. Dama da hagu na mai raunin ake nufi, ba nawa ba. Akwai ƙujewa a tafin, tsawonta kamar santimita 3, jini na tsattsafowa ne kawai, ba tsartuwa yake ba, kuma babu ƙashi a waje.

Ta sa na danna farcensa har ya yi fari, na saki. Jan ya dawo cikin daƙiƙa 2. Na taɓa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce babban yatsa da manuni sun fara yi masa dindiris. Wannan ban ce na gani ba, cewa na yi "in ji shi", domin abin da mutum yake ji a jikinsa ba na ganinsa. Na rubuta lokacin a takarda: 10:35.

Rashin ambatar karaya bai hana ni lallaɓa hannun kamar karyayye ba. Na cire masa zobe da agogo kafin kumburin ya riƙe su, ban yi ƙoƙarin miƙar da hannun ba, na tallafe shi yadda na same shi.

Daga baya hoto ya nuna karayar ce kuwa. Amma da ma'aikatan suka iso, babu wanda ya tambaye ni ko karaya ce. Babbansu ya karɓi takardar, ya ce, "Dindiris ɗin nan, tun 10:35 ƙaruwa yake yi ko yana nan yadda yake?"